Naira Ɗaya ta Talla, Nawa Take Kawowa?

Mu ƙaddara wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano yana biyan gidan rediyo kuɗin talla duk wata. Alƙaluman na misali ne kawai. Cikin wata biyar ya kashe naira dubu 100, sai 200, 300, 400 da 500. Cinikinsa a watannin, bi da bi, ya kama miliyan 2.4, 2.6, 3.6, 3.4 da 4. Da gani, talla na hawa ciniki na binta. To amma da nawa?

Masana ƙididdiga kan ɗauki takarda, su jera kuɗin talla a kwance, ciniki a tsaye, kowane wata ya zama ɗigo guda. Sai su ja miƙaƙƙen layi ya ratsa tsakanin ɗigon. Dabarar ita ake kira rigireshin. Ba da ka ake jan layin ba: ana auna tazarar kowane ɗigo daga layi, a ninka ta da kanta, a tara, sannan a zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Bafaranshe Legendre ne ya fara wallafa wannan hanya a 1805.

A lissafin ɗan kasuwarmu, layin ya ce: ciniki daidai yake da miliyan 2, a ƙara da kuɗin talla sau huɗu. Miliyan biyun nan hasashe ne na cinikin da za a yi ko ba a yi talla ba. Huɗun kuwa ita ce hawan layi, wato duk nairar da aka ƙara wa talla tana tafe da ƙarin naira huɗu a ciniki. A Excel, in talla na jerin A, ciniki na B, haka ake samo ta:

```
=SLOPE(B2:B6,A2:A6)
```

A nan ne mutane suke yin tuntuɓe. Naira huɗun ciniki ce, ba riba ba. In ribar Alhaji kwabo 20 ce a kowace naira, naira huɗu ta ba shi kwabo 80, alhali naira guda ya biya rediyo. Shago ya cika da jama'a, aljihu na yoyo. Sai ribarsa ta haura kwabo 25 a naira kafin tallar ta fara biyan kanta.

Akwai kuma ma'aunin dacewar layi da ɗigon, R², wanda ke tsakanin sifiri da ɗaya. Namu ya ba da 0.87, ma'ana layin ya ɗauke kashi 87 cikin ɗari na hawa da saukar ciniki. Lambar tana da daɗin ji, sai dai wata biyar sun yi kaɗan a kafa hujja da su.

Ni dai abin da na fi so in duba shi ne saura, wato bambancin da ke tsakanin abin da layi ya yi hasashe da abin da ya shiga aljihu. A wata na uku layi ya ce miliyan 3.2, aka yi cinikin 3.6, rarar dubu 400 ke nan. Na biyu da na huɗu kowanne ya gaza da dubu 200, na farko da na ƙarshe suka faɗa kan layi cif. Me ya faru a wata na uku? Wataƙila an zo an kwashi ankon biki. Layi bai san wannan ba, yaron shago ya sani. In watanni suka yi yawa, sauran nan kan nuna fasali. Idan aka ga rara a tsakiya, giɓi a farko da ƙarshe, to alama ce tallar ta fara gundurar masu saurare, ƙarin kuɗi ba ya kawo abin da yake kawowa da, kuma miƙaƙƙen layi bai dace ba. Don haka kada Alhaji ya ce zai zuba miliyan 2 ya kwashi miliyan 10, domin layin bai taɓa ganin tallar da ta wuce dubu 500 ba.

Babban tarkon kuwa Sallah ce. Yawancin 'yan kasuwa sun fi yin talla cikin azumi, lokacin da ko ba a kira kowa ba za a zo sayen kayan Sallah. Idan watan dubu 500 shi ne na azumi, layin zai ɗora wa rediyo aikin da Sallah ta yi, hawan ya kumbura. Hauhawar farashi ma haka: kuɗin talla da na atamfa su tashi tare, lissafi ya nuna alaƙa alhali ko turmi ɗaya bai ƙaru ba. Maganin wannan shi ne a ƙirga turamen da aka sayar maimakon naira. Na Sallah kuma, a cire watan azumi a sake jan layin, ko a ɗaga talla da gangan a watan da kasuwa ke kwance, a ga ko huɗun za ta tsaya.