Bayani da Hausa, Suna da Turanci: Yadda Ake Taƙaita Darasi

Ka tambayi mai awo a kasuwa nauyin buhun shinkafa, zai ce maka kilo hamsin, kuma babu mai ja da shi. Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare da ya kai wannan amsa ɗakin jarrabawar Fiziks kuwa yana iya rasa maki, domin littafinsa ya raba abin da muke kira nauyi gida biyu, kowanne da sunansa da ma'auninsa. Ɗaya ana kiransa mas, ɗayan kuma weyit. Da wannan ɗan darasi nake so in nuna wata dabara da ɗalibai da yawa ke yi ba tare da an koya musu ba, wato karanta littafin Turanci sannan a rubuta taƙaitawarsa da Hausa. Dabarar tana da kyau, amma da sharaɗi: Hausa ta ɗauki bayani da dalili, sunayen fanni kuma a bar su yadda littafi ya kawo su. A nan zan riƙa rubuta sunayen yadda bakinmu ke furta su. Kai kuwa a littafin rubutunka, kwafe su harafi bayan harafi kamar yadda aka buga.

Me ya sa ba za a yi taƙaitawar da Turanci kawai ba? Saboda mai taƙaitawa da Turanci yana iya cika shafi bai fahimci komai ba. Ido ya ɗauko jimla, hannu ya ajiye ta, ƙwaƙwalwa tana can tana hutu. Hausa ba ta yarda da wannan ha'inci. Ba za ka iya faɗin abu da harshen gidanku ba sai ka san abin da yake nufi, kuma duk inda alƙalami ya tsaya cik, to a nan fahimta ta tsaya. Wannan tsayawar ita ce babbar ribar aikin, domin ta nuna maka layin da za ka koma ka sake karantawa, ko tambayar da za ka kai wa malam gobe.

Sai dai WAEC da NECO da JAMB da Turanci suke tambayar Fiziks, kuma da shi ake amsawa. Ga kuma abin da ya fi wannan: harufan lissafin fannin da sunayen Turancin suke ɗaure. A W = mg, harafin W farkon kalmar weyit ne, m kuma farkon mas. Wanda ya ajiye sunayen ba ya buƙatar haddace ma'anar harufan, suna faɗa masa da kansu. Wanda ya mayar da su nauyi na ɗaya da nauyi na biyu ya tsinke wannan igiya. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ke karatu da Faransanci P = mg yake rubutawa, don kalmar da P take farawa a wancan harshe, kuma shi ma haka ya kamata ya bar ta.

To a zo ga aikin. A ce sashen littafin shafi ɗaya da rabi ne. Karatun farko a yi shi ba tare da rubutu ba, daga kai har ƙarshe, don a ga inda magana ta dosa. A karatu na biyu ne ake ɗaukar fensir a ja layi ƙarƙashin kalmomin da ba za a taɓa ba. Nan ne mutane suka fi kuskure. Suna zaton kalmar fanni ita ce doguwa mai wuyar furtawa, alhali doguwar ba ta da haɗari, tun da babu wanda zai yi gigin fassara ta. Masu haɗarin su ne gajeru, waɗanda ka saba ji a hira har kake ganin ka san su. Kalmomin Turanci na aiki da ƙarfi da zafi da gudu duk suna da ma'ana ta musamman a Fiziks wadda ba ita ce ta titi ba. Mutumin da ya yini yana tura bango bai motsa ba, ya sha aiki a idon jama'a, amma a lissafin Fiziks aikinsa a kan bangon sifiri ne. Hanyar gane irin waɗannan kalmomi ba ta da wuya. Idan littafi ya ba kalma ma'ana a jimla guda, ko ya buga ta da baƙin rubutu mai kauri, ko tana da harafi a lissafi, ko tana da ma'auni irin kg ko N, to ta fanni ce, a bar ta. A wannan sashe za ka fita da kamar shida: mas, weyit, fos, girabiti, sikela da bekta.

Sannan a rufe littafi. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma tsallake shi ke mayar da taƙaitawa fassara. Idan littafin yana buɗe, za ka bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, ka haifar da wata Hausa mai ƙashin Turanci wadda kai kanka ba za ka gane ta ba bayan mako biyu. Idan yana rufe, dole ka faɗi abin da ya zauna a kanka, da tsarin da ya zauna. Shafi ɗaya da rabin nan zai iya komawa kamar haka:

"Mas shi ne yawan abin da ke cikin jiki. Ana auna shi da kg, ba shi da alkibla, don haka sikela ne, kuma ba ya canjawa duk inda aka kai jikin. Weyit kuwa fos ne, shi ne jan da duniya ke yi wa jiki zuwa tsakiyarta. Tun da fos ne, ana auna shi da N, kuma yana da alkibla, don haka bekta ne. W = mg. Saboda g yana canjawa daga wuri zuwa wuri, weyit ma yana canjawa."

Dubi abin da Hausa ta ɗauka a nan: "tun da", "don haka", "saboda". Waɗannan ƙananan kalmomi su ne ilimin. Ɗalibin da ya haddace cewa weyit bekta ne zai iya mantawa ranar jarrabawa. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa bekta ne domin ja ne, ja kuwa dole ya nufi wani wuri, ko ya manta zai sake gano amsar da kansa.

Taƙaitawa ba ta cika sai an sa mata misali da lamba, kuma gara misalin ya zama naka, ba na littafi ba. Mu koma ga buhun nan. Mas ɗinsa 50 kg. A tambayoyin jarrabawa ana yawan cewa a ɗauki g a matsayin 10 m/s², don haka W = 50 × 10 = 500 N. A kan wata, g kusan 1.6 m/s² ne, wajen kashi ɗaya cikin shida na namu. Weyit ɗin buhun zai sauko zuwa 80 N, amma ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta ragu ba, mas yana nan 50 kg. Ko a doron duniyar ma akwai ɗan bambanci: g kusan 9.78 ne a kan layin da ya raba duniya biyu, 9.83 kuma a can ƙuryar arewa da kudu. Yanzu ka gwada rubuta wannan da kalmar nauyi kaɗai. Za ka sami jimla mai cewa nauyin buhu ya ragu amma nauyinsa bai ragu ba.

Bayan an gama sai a buɗe littafi a gwada. Ba kyawun Hausar ake dubawa ba, ana neman abin da ya zube a hanya. Abin da ya fi zubewa shi ne sharaɗi. Littafi zai ce abubuwa biyu masu mas ɗaya suna da weyit ɗaya idan a wuri ɗaya suke, ɗalibi ya taƙaita ya yar da "a wuri ɗaya" don yana ganin cikon magana ne. Ko littafi ya ce dutse da gashin tsuntsu za su faɗo tare idan babu iska, a yar da "idan babu iska", sai taƙaitawa ta koma ƙarya. Masu shirya tambayoyin zaɓi kuwa daidai irin wannan gurbi suke haƙa rami. Don haka duk jimlar littafi da ke ɗauke da "idan", "sai dai", "kawai" ko "muddin", a tabbata takwararta tana cikin Hausar.

Abu na biyu da za a duba shi ne rubutun sunayen. Kunne ba abin dogaro ba ne a nan, musamman da yake bakinmu yana haɗa wasu harufan Turanci da alƙalami ya raba. Kalmar da Turanci ke kiran duk abin da ke da mas kuma ya cika wuri, idan ka rubuta ta yadda ka ji malam ya furta, "mata" za ka gani a shafinka, kuma mai duba takarda ba zai yi maka uzuri ba.

Akwai wata cuta kuma da ke kama da dabarar amma ba ita ba ce. Ita ce a kwafo jimlar Turanci sukutum a liƙa mata "ne" ko "ce" a ƙarshe. Gane ta ba wuya: ƙirga kalmomin Turancin da ke layi. Idan sun fi na Hausa yawa, ko kuma aikatau da mahaɗan jimla su ma na Turanci ne, to kwafe aka yi. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka karanta wa ƙanenka ɗan ƙaramar sakandare. In ya tambayi ma'anar sunayen kawai ya bi sauran, aikin ya yi. In ya ce ka yi masa da Hausa, a sake.

Dabarar tana da iyaka, kuma ina ganin malaman da ke ƙinta daga nan suke kallonta. Ɗalibin da ya yi zango uku yana rubuta Hausa zalla zai fahimci darasi, amma hannunsa zai yi sanyi wajen gina amsa da Turanci. Maganin shi ne a raba shafi biyu. A gefen dama mai faɗi a sa bayanin Hausa. A siririn gefen hagu a sa sunan fannin da ma'anarsa ta jimla guda da Turancin littafi, haka ma dokoki irin na Newton, domin a irin waɗannan wurare mai duba takarda yana neman wasu kalmomi takamaimai. Bayan kwana biyu ko uku a rufe gefen hagu, a dubi Hausar, a rubuta amsar da Turanci daga kai, sannan a ɗauko tsohuwar tambaya a gwada.

Ga irin tambayar da ke nuna ko taƙaitawar ta kama: wane sikeli ne zai ba da amsa iri ɗaya a duniya da kan wata, mai faranti biyu ko mai sifirin da ƙugiya? Wanda ya rubuta dalili da Hausa zai iya bin sawu. Mai faranti biyu yana gwada kaya da duwatsun awo, g yana jan ɓangarorin biyu daidai, don haka ko ya ragu, ya ragu musu tare: mas yake aunawa, amsarsa ba za ta canja ba. Mai ƙugiya kuwa miƙewar sifirin yake nunawa, miƙewar kuma daga ja take zuwa, ke nan weyit yake aunawa ko da an rubuta kilo a jikinsa. A rataya masa buhun nan a kan wata, allurarsa za ta tsaya a wajen kilo takwas.