Suna ɗaya, kaya biyu: gyaran sunayen tsari a takardun talla

Kamfanin da ke sayar da hidima hawa-hawa yakan raɗa wa kowane hawa suna, kuma da wannan sunan mai saye ke ciniki. Idan takardar farashi ta kira tsari da suna ɗaya, rasit ya kira shi da wani, ɗan talla kuma ya kawo na uku, to an shuka rigima tun kafin a biya kuɗi.

Abin da ya faru da Microsoft ya isa misali. A ranar 21 ga Afrilu 2020 kamfanin ya sauya sunayen tsare-tsarensa na ƙananan 'yan kasuwa, ba tare da ya taɓa farashi ko abin da ke ciki ba. Office 365 Business Essentials ya koma Microsoft 365 Business Basic, wannan bai rikita kowa ba. Matsalar tana hawa biyu na sama. Office 365 Business Premium ya koma Microsoft 365 Business Standard, shi kuma tsarin da ake kira Microsoft 365 Business ya karɓi sunan Microsoft 365 Business Premium. Wato kalmar Premium ta tashi daga hawa na tsakiya ta koma na ƙoli.

A lokacin, na tsakiya dala 12.50 ne ga mutum ɗaya a wata, na ƙoli kuwa dala 20, saboda ƙarin tsaro da kula da na'urorin ma'aikata. Mai ofis da ke da ma'aikata goma, yana riƙe da tsohuwar takarda, zai ce a ba shi Premium da lissafin dala 125 a ransa. Dillalin da ke duba sabuwar takarda zai rubuta masa 200. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa ɗora tsohon suna a kan sabon kaya ya fi kowane irin sauyi haɗari.

Gyara yana farawa da tattaro duk inda sunan ya bayyana: takardun farashi, na talla, fom, rasit, har da bayanin da aka koya wa masu amsa waya. Sai a yi jadawali guda mai nuna tsohon suna, sabon suna, abin da ke ciki da farashi, a jingina kowane tsari da lambar kaya wadda ba ta sauyawa. Da wannan jadawalin ake gyara sauran takardu, a fitar da su rana ɗaya, kowace ɗauke da kwanan wata, a kuma janye tsofaffin daga hannun dillalai. Na wasu watanni ana rubuta "wanda a da ake kira kaza" kusa da sabon sunan.

Kwangilar da aka riga aka sa wa hannu ba a taɓa ta. Ana aika wa mai ita wasiƙa ne da ke cewa tsarinsa yana nan yadda yake, ga sunan da zai riƙa gani a rasit daga yanzu.