Karta bakwai da maganar kishiya: yadda ake karanta wa uwargida abin da ta jawo

Karta da samari ke buga belot da ita a fada, ita ce dai wasu masu duba ke shimfiɗa wa mata a kan tabarma, ko su ɗauki hotonta su tura ta WhatsApp ga wadda take nesa. Tambayar da uwargida ke zuwa da ita kusan iri ɗaya ce daga Maraɗi har Damagaram: maigida zai ƙara aure, wace ce, kuma ina matsayina idan ta shigo? Ba tambayar banza ba ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna mata 36 cikin 100 na matan aure a Nijar suna zaune da kishiya, kuma jihar Maraɗi ce a kan gaba. Saboda haka matar da ta ga take-taken miji sun sauya tana da dalilin zargi tun kafin ta taɓa karta.

Kartar da ake amfani da ita guda 32 ce, gida huɗu, kowane gida takwas. Akwai zuciya da karo, su ne jajaye. Akwai tirefil mai kama da ganye uku da pik mai kama da kan mashi, su ne baƙaƙe. A kowane gida ana samun 7, 8, 9, 10, sai bale mai harafin V, dam mai harafin D, sarki mai harafin R, da as. Ma'anonin da ake ba su daga Faransa suka taso. Wani mutumin Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya buga littafi a 1770 kan duba da irin wannan karta, kuma littattafan da suka biyo baya a kan turbarsa suka ɗora. A dunƙule, zuciya ta shafi gida da soyayya, tirefil kuɗi, karo tafiya da labari, pik kuwa baƙin ciki da cuta.

A nan akwai wani giɓi da ba a cika faɗa wa mai tambaya ba. An tsara waɗannan ma'anoni a ƙasar da doka ta hana auren mace fiye da ɗaya, don haka babu ko karta ɗaya da ke nufin kishiya ta halal wadda aka biya sadakinta. Abin da littattafan suka sani shi ne baƙuwar mace mai gulma, wato dam ta karo, da macen da mijinta ya rasu ko aurenta ya mutu, wato dam ta pik, sai 'yan mata biyu, 8 ta zuciya fara da 8 ta tirefil baƙa. Mai duba ce ke ɗaukar ɗaya daga cikinsu ta ɗaura mata ɗankwalin amarya.

Mu ɗauki misali don a ga yadda aikin ke tafiya. Uwargida ce mai 'ya'ya huɗu, mijinta ɗan kasuwa ne da ke kai da kawo tsakanin Maraɗi da Kano. Watanni biyu ke nan yana fita ƙofar gida idan zai amsa waya, kuma ya sa an fara zuba bulo a gefen tsakar gida. Mai duba ta dube ta, ta zare dam ta tirefil ta ajiye a tsakiya, ta ce wannan ke ce, Hajiya. Sauran 31 aka cakuɗa, uwargida ta yanka da hannun hagu kamar yadda ƙa'idar ta tanada, ta jawo bakwai a kife. Da aka buɗe su daga hagu zuwa dama, ga abin da ya fito: sarkin karo, 10 ta karo, 8 ta zuciya, 10 ta tirefil, as ta zuciya, 9 ta karo, 7 ta pik.

A littafi, sarkin karo baƙo ne ko soja ko mutumin da ke nesa. Tun da uwargida ta riga ta ambaci Kano a gaisuwa, sarkin ya zama maigida. Karta ta biyu, 10 ta karo, tafiya ce, sai ta ƙara wa zancen ƙarfi. Ta uku ita ce ke sa gaban mace ya faɗi: 8 ta zuciya, budurwa fara. Daga nan sauran suka bi layi da kansu. 10 ta tirefil kuɗi ne masu yawa, aka ce sadaki ne da lefe. As ta zuciya gida ce, aka ce ga ɗakin da ake ginawa. 9 ta karo jinkiri ce, 7 ta pik kuma damuwa. Mai duba ta haɗa su ta ce: ɗiyata, yarinya ce fara, a hanyar tafiyarsa ya gan ta, an kai kuɗi, amma akwai abin da ya tsayar da maganar, kuma hawaye na gabanki.

Duk wanda ya ji wannan zai ce ta gani da idonta. To amma a sake duba kartar nan bakwai ba tare da an motsa ko ɗaya ba, a ce wadda ta jawo su uwa ce da ke tambaya kan ɗiyarta mai shirin tafiya karatu Yamai. Sarkin karo ya zama kawun da za ta sauka wurinsa, 8 ta zuciya ita ce ɗiyar, 10 ta tirefil kuɗin makaranta, 9 ta karo jinkirin takardu, 7 ta pik kewar uwa. Babu inda aka saɓa wa littafi. Ko a kan uwargidar farko ma, ana iya cewa budurwar babbar ɗiyarta ce, kuɗin da ginin na kayan ɗakinta ne. Labarin da aka zaɓa ya fito ne daga abin da matar ta faɗa da bakinta da kuma abin da fuskarta ta nuna lokacin da aka buɗe karta ta uku.

Lissafi ma yana gefen mai duba. Idan an cire dam ɗaya ta tsaya a madadin uwargida, saura dam uku cikin karta 31. Wanda ya jawo bakwai, damar ya ci karo da aƙalla ɗaya daga cikinsu ta kai 55 cikin 100. Idan aka haɗa da 'yan matan nan biyu, 8 ta zuciya da 8 ta tirefil, kartar mata ta zama biyar, damar kuma ta hau zuwa 75 cikin 100. Wato a cikin mata huɗu da suka zauna a tabarmar, uku za su ga “wata mace” ko da mazajensu ba su taɓa tunanin ƙarin aure ba. Ta huɗun kuma, sau da yawa sai a ce kartar ba ta buɗe baki ba, a sake yankawa.

Inda abin ke zama haɗari shi ne lokacin da dam ta pik ta fito, musamman kusa da 9 ta pik, wadda littattafai suka ɗauka mafi muni a cikin 32. Nan take zancen kan tashi daga aure ya koma asiri: bazawara ce, ta shiga ta fita, ta juya masa kai. Kwatancen da karta ke iya bayarwa bai wuce fara ko baƙa, yarinya ko babba ba, kuma a kowace unguwa akwai mata goma da za su dace da shi. Uwargida ce ke cike sunan da kanta a hanyar komawa gida, kuma sunan da ke zuwa mata shi ne na wadda dama take zargi, maƙwabciya ko ƙawar ƙanwar miji ko mai sayar da abinci kusa da shagonsa. Daga nan gaba da wadda ba ta san hawa ba balle sauka take farawa. Alamar da ta fi saurin tona mai neman kuɗi ita ce abin da ke biyo bayan karatun. Kuɗin duban kansa kaɗan ne, amma sai a ce sai an karya abin da aka gani, da turare, da zakara, da sadakar da mai duba ce za ta raba. Idan mako ya zagayo ba a fasa auren ba, sai a ce aikin ɗaya ɓangaren ya fi ƙarfi, a ƙara. Matan da mazajensu ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya ko Abijan, da waɗanda su ne ke waje miji yana gida, sun fi shiga wannan rami, don ba su da hanyar ganin gaskiya da idonsu, kuma tura kuɗi ta waya ba ya ɗaukar minti biyar.

Malamai ba su da sassauci a kan batun. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Mafi yawan matan da ke zuwa sun san wannan sarai. Suna zuwa ne don a gidaje da yawa uwargida ce ta ƙarshen jin labari, wani lokaci sai an sa rana, wani lokaci daga bakin 'yan unguwa. A ganina laifin cikar tabarmar masu duba ya fi rataya a wuyan mazan da ke ɓoye maganar har sai ta zama ba makawa.

Akwai kuma tambayoyin da karta ba ta da hoton da zai amsa su, alhali su ne za su shafi rayuwar uwargidar nan ta misalinmu. Amarya gida ɗaya za ta zauna da ita ko gidanta daban? Kuɗin cefane da na makarantar yara huɗu za su ragu? Za a yi mata kayan faɗan kishiya kamar yadda al'ada ta tanada? Bayan kwana bakwai na budurwa ko uku na bazawara, yaya rabon kwana zai kasance? Kayan ɗakinta da jarin da ta zuba a kasuwancinsa, akwai shaida a kansu? Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, yawancin rigingimun aure bisa al'ada ake warware su, a gaban iyaye ko mai unguwa ko sarki ko ƙungiyar malamai kafin a kai ga kotu. A duk waɗannan wuraren abin da ake saurare shi ne wa ya ce me, a gaban wa. Idan uwargida ta sa waliyyinta da babban yayan maigida suka zaunar da shi kafin a gama ɗora bulon nan, amsar da zai bayar a gabansu ita ce za a iya tuna masa da ita bayan shekara.