Maraɗi: huɗubar da ta tono maganar albashin 'yan aiki da ake "ajiye musu"

A Juma'ar da ta gabata, limamin wani masallaci a Maraɗi ya fara huɗubarsa da tambaya. Ya ce duk wanda yake da yarinya mai aiki a gidansa ya tambayi kansa nawa take ɗauka a wata, kuma yaushe ne rabon da kuɗin su shiga hannunta. Ya ɗan yi shiru. A sahun da nake, dattijo ɗaya ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Galibin wa'azin da ake yi kan 'yan aiki yakan tsaya ga duka da zagi. Wannan karon liman ya taɓo abin da gidaje da yawa ba su ma ɗauka laifi ba, wato riƙe albashin yarinya da sunan ajiya har ranar da za ta koma gida.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya san yadda abin yake tafiya. Bayan an gama girbi, 'yan mata sukan shigo birni cin rani daga ƙauyukan Mayahi, Dakoro ko Tasawa, su nemi abin haɗa kayan ɗaki. Sau da yawa wata mata ce daga garinsu take kawo su, ta raba su gida-gida. Ita ce take yin ciniki da uwargida, wani lokaci yarinyar ma ba ta wurin. Sai uwargida ta ce kada kuɗi su lalace a hannun yarinya, za ta riƙa tara mata har damina ta faɗi.

Liman ya ce matsalar tana fitowa ne ranar sallama, ya kuma buga misali da lissafi. A ce an yanka wa yarinya jika 10 a wata, ta yi wata bakwai, daga Nuwamba zuwa Mayu. Haƙƙinta jika 70 ke nan. Ranar tafiya sai a zaunar da ita. A cire jika 10 na watan farko, ladan wadda ta kawo ta. A cire jika 6 na kular abinci da ta fashe a hannunta. A cire jika 4 na maganin da aka saya mata da zazzaɓi ya kama ta. A cire jika 12 na atamfa da ɗinkin Salla, waɗanda a ranar da aka ba ta ta durƙusa ta yi godiya, tana zaton kyauta ce. Abin da zai rage jika 38. Yarinyar da ba ta iya karatu ba, kuma ba ta riƙe lissafi ba, ba ta da bakin musu, ga mota tana jira a tasha.

Daga nan ya bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin fiƙihu. Ya ce ɗaukar mutum aiki, abin da malamai ke kira ijara, bai inganta sai an san lada, an san aikin, an san tsawon lokaci, kuma mai yin aikin ko waliyyinta ya yarda. Idan dillaliya za ta ɗauki wani abu daga gumin yarinya, dole a faɗa tun ranar farko.

Maganar kula ce ta fi tayar da gunaguni a masallacin. Liman ya ce ma'aikacin da aka ɗauka ya yi aiki a gida amintacce ne a kan kayan da ke hannunsa. Idan abu ya lalace cikin aiki, ba tare da ganganci ko sakaci ba, babu ramuwa a kansa. Yarinyar da take wanke kwanuka sau uku a rana, wata rana dole wani ya suɓuce. Ya tambayi jama'a: da 'yar gidan ce ta fasa, wa zai ce ta biya?

Atamfar Salla kuwa, ya ce abin da aka bayar da sunan kyauta ba ya komawa bashi bayan wata biyar. Wanda yake son ya cire daga albashi, ya faɗa kafin a kai wa tela, yarinya ta zaɓa. Ya ƙara da gargaɗi ga masu ba 'yar aiki zakka sannan su rage mata albashi: zakka ba ta biyan ladan aiki, kowanne da matsayinsa.

Bai haramta ajiyar kanta ba. Ya ce idan yarinya ce ta roƙa a tara mata, kuɗin sun zama amana, duk ranar da ta nema a ba ta. Idan kuwa ba ta roƙa ba, bashi ne, kuma ya tunatar da hadisin da ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Ya kawo na Ibn Majah da ke umartar a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, da na Buhari da ya ambaci mutum uku waɗanda Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ci aikin ɗan ƙwadago ya hana shi lada. Shawararsa mai sauƙi ce: a sayi littafi, duk ƙarshen wata a rubuta a gaban yarinya da shaida ɗaya, a nuna mata kuɗin ta ƙirga da hannunta.

Bayan an idar, wani ɗan kasuwa ya ce mini shi bai taɓa sanin albashin yarinyar gidansa ba, harkar Hajiya ce. Liman kamar ya san za a faɗi haka, domin a huɗuba ta biyu ya ce maigidan da yake cin tuwon da yarinya ta tuƙa ba zai kuɓuta da cewa bai sani ba. Wata uwargida da na zanta da ita da yamma ta kare kanta. Ta ce ita ke ciyar da yarinyar, ta ba ta wurin kwana da sabulu, kuma ta taɓa ba wata kuɗinta a hannu, kafin wata ya ƙare wani ɗan'uwanta ya zo daga ƙauye ya karɓe su. Wannan hujja ce da ba za a yi watsi da ita ba, amma tana kare tarawar ne kawai. Ba ta kare yanke-yanken ranar sallama.

Akwai abu biyu da na so a ce liman ya taɓa, bai taɓa ba. Na farko shi ne jika 10 ɗin kansu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024, don haka ko an biya yarinyar cif-cif, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba. Na biyu shi ne shekaru. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki ƙasa da shekara 14, amma duk wanda ya leƙa famfon unguwa da safe zai ga waɗanda ba su kai ba ɗauke da bokiti.

Liman ya juya ga matasa kafin ya sauka daga mumbari. Ya ce da yawa cikinsu sun yi aikin gini a Aljeriya ko Libiya, sun san zafin mai gida ya ce gobe, har goben ta zama wata uku. Wasu kuma suna can har yanzu, suna aiko da kuɗin cefane, har da na yarinyar da ke yi wa tsohuwarsu wanki da ɗebo ruwa. Ya ce duk wanda ya aiko, idan ya kira gida, ya sa a miƙa wa yarinyar waya, ya tambaye ta da bakinta ko na wannan watan sun iso hannunta.