Goge manhaja daban, soke rajista daban

Mai waya ya danna alamar manhaja ya goge ta, ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Idan ya yi rajistar biyan wata-wata ta Google Play, kuɗinsa za su ci gaba da fita har sai ya shiga Payments & subscriptions ya soke da hannunsa. Alamar farko ita ce saƙon cire kuɗi daga banki.

Asusunsa ma yana nan a rumbun kamfanin. Facebook, alal misali, yana jira kwana 30 kafin ya share asusu gaba ɗaya, kuma wanda ya sake shiga a tsakani yana iya janye buƙatar. Abin takaicin shi ne, saƙonnin da mutum ya aika wa abokai suna nan a wurinsu ko bayan sharewar.