Albashin da aka yi maka tayi ya yi kaɗan? Ga yadda ake neman ƙari a imel

A kasuwar Arzeke ta Parakou babu mai jin kunyar cewa "albarka" idan tayi bai kai ba. Amma da zarar takardar ɗaukar aiki ta iso, sai ka ga matashi ya amsa da "na gode" kawai, yana tsoron kada a fasa. Alhali neman ƙari cikin ladabi ba laifi ba ne, in dai an yi lissafi kafin a rubuta.

A ce wani ya gama Jami'ar Parakou, wani kamfanin sayen kaɗe a Djougou ya yi masa tayin aikin akanta a kan sefa 150,000 a wata. Abu na farko shi ne ya duba ko an rubuta "brut" ko "net". Idan "brut" ne, ba wannan kuɗin zai shiga aljihunsa ba. Asusun CNSS zai cire kashi 3.6 cikin ɗari, wato 5,400. Harajin albashi ba ya taɓa 60,000 na farko, amma yana ɗaukar kashi 10 na sauran, wato 9,000. Abin da zai rage bai fi 136,000 ba, kuma a ciki zai kama ɗaki a garin da ba nasu ba. In yana son ya riƙa karɓar 160,000 a hannu, to 180,000 "brut" zai nema.

Da Faransanci za a rubuta saƙon, amma ga ma'anarsa:

"Ranka ya daɗe, na gode da wannan tayi, kuma ina matuƙar son aikin. Ganin cewa zan riƙe lissafin kamfani da na sito duka, kuma zan tashi daga Parakou zuwa Djougou, ina roƙon a duba yiwuwar mai da albashin 180,000 brut. In hakan bai yiwu yanzu ba, zan yi na'am da kuɗin haya, ko a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan wata shida."

Adadi ɗaya ya faɗa. Wanda ya ce "tsakanin 160,000 da 180,000" ya riga ya zaɓa wa mai kamfani na ƙasa. Bai kuma kawo kukan yawan iyali ba, domin aikin ake saye, ba buƙatar mutum ba. Ambaton mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma 52,000 a Janairun 2023, ba zai taimake shi ba. Ya riga ya wuce nan.

Maganar "a rubuta" ita ce mai nauyi. Tun dokar ɗaukar ma'aikata ta 2017, a Benin ana iya sabunta kwangilar wa'adi ba iyaka, don haka "za mu ƙara maka nan gaba" na iya zama shekaru. In aka kira ka a waya aka amince, ka nemi a gyara takardar kafin ka sa hannu.