Barka da Sallah ga Abokin Ciniki

Da an sauko daga Idi, wayar ɗan kasuwa takan cika da hoton jinjirin wata da masallaci. Yawancinsu a WhatsApp suna ɗauke da alamar "Forwarded" a sama, wadda ke tona cewa tura su aka yi daga wani wuri. Mai karɓa ya san shi da mutum ɗari aka yi wa, shi ya sa ba ya ko amsawa.

Gaisuwar da ke shiga rai ita ce wadda ba za ta dace da kowa ba sai mai ita. A ɗauki dillalin atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ke da abokin ciniki a Maraɗi da ya yi shekaru yana sari a hannunsa. A azumin nan mutumin ya ambata cewa mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, kuma kayansa sun makale a Jibiya. To, dillalin ya ɗauki murya ta rabin minti: "Salamu alaikum Alhaji, barka da Sallah, an sha ruwa lafiya? Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Na gode da haƙurin da ka yi kan kayan nan da suka yi jinkiri. A gaida iyali, Allah ya maimaita mana." Ba wata fasaha a ciki, amma ya kira shi yadda ya saba kiransa, ya kuma nuna bai manta da damuwarsa ba. Kafin ya aika, ya tabbatar da ranar da aka yi Sallah a can, domin wani lokaci Nijar da Najeriya sukan saɓa wajen ganin wata.

Babban abin da ke ɓata gaisuwa shi ne a jingina mata talla ko bashi. Da zarar ka ce "barka da Sallah, sabbin kaya sun iso", ko ka ƙara da "ina tuni kan ragowar kuɗin nan", gaisuwar ta tashi daga zumunci ta koma neman kuɗi. A ganina gara ma ka yi shiru. Maganar ciniki ta jira har a buɗe kasuwa.

Ba kowa za a iya yi wa haka ba, gaskiya ne. Ware mutum goma ko ashirin da kasuwarka ta dogara da su. Uban gida da dattawa a kira su, ko a taka har gida idan gari ɗaya ne. Sauran a rubuta musu layi biyu da sunansu. Wanda kake sayen kaya a wurinsa a Onitsha ko Aba, in Kirista ne, lokacinsa Kirsimeti ne, 25 ga Disamba, sai ka tambaye shi ko ya isa gida lafiya.

Tun cikin goman ƙarshe na azumi ka rubuta sunayen, da abu ɗaya da za ka tambayi kowane ɗayansu.